Ɗaya ga Janairu

Sau uku Armaya'u mai nama ya biya kuɗin mota daga Batsari zuwa Safana a kan maganar wasiƙa, alhali a Batsari shagunan kwamfuta sun fi biyar. Ba masu rubutun aka rasa ba, idon sani yake gudu. Mutumin da duk unguwa ta san shi da ƙanen Ladan Tayyib ba zai zauna gaban ɗan maƙwabcinsa ya ce a rubuta masa ƙorafi zuwa ga kamfanin cacar ƙwallo ba. Kafin ya dawo rumfarsa labarin ya riga shi isa.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Naira ɗari biyar ya zuba a kan wasanni goma sha huɗu, duk suka shigo yadda ya canka, allon wayar ya nuna masa dubu ɗari shida da arba'in. Ranar har tsokar cinya ya sayar a farashin kayan ciki bai lura ba. Da ya nemi cire kuɗin sai kamfanin ya ce sai an tantance shi. Ya tura lambar katin ɗan ƙasa, ya ɗauki hoton kansa riƙe da katin a gefen kunne kamar wanda 'yan sanda suka kama, ya ba da asusun banki mai ɗauke da sunansa. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo cewa an gama tantancewa. Ya sake danna wurin cirewa, aka ce ya jira awa ashirin da huɗu. Awa ashirin da huɗun nan ita ce ta zama sati uku. Duk sanda ya yi magana ta cikin manhajar, amsa ɗaya ake maimaita masa, cewa ana duba lamarinsa kuma an gode da haƙurinsa.

A raina, da za a tambaye ni, ba kwaɗayi ne ya hana shi haƙura ba. Ya riga ya kashe kuɗin a zuciyarsa tun daren farko. Injin markaɗe zai saya wa Saude, matar marigayi wansa, wadda ke riƙe da 'ya'ya mata huɗu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kai gyaɗarta injin wasu tana biya. Har ƙaryar da zai yi mata ya tanada, zai ce adashi ya ɗauka.

Wani direba ne ya ba shi labarin Malam Daudu, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago kusa da sakatariyar Safana, yana rubuta wa mutane takardu. Hanyar ta Runka take bi, garinsu na haihuwa, wanda suka baro shekara shida da suka wuce lokacin da kwana a gida ya gagara. Armaya'u ba ya son bin ta. Duk sanda motar ta rage gudu a tashar Runka sai ya sunkuyar da kai, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Malam Daudu dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa Armaya'u ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar tsadar shanu, ya yi ta ƙarancin ruwa, har dattijon ya gaji.

“Samari, ni shekara talatin ina rubuta abin da mutane ba su so a ji. Mace ce ko caca?”

“Caca ce, Malam.”

“To Allah shi shirye mu. Miƙo wayar.”

Bai yi masa wa'azi ba, wannan kaɗai ya sa Armaya'u ya ji ya samu wurin zuwa. Dattijon ya nemi lambar asusun, da lambar tikitin da ya ci, da ranar da saƙon tantancewa ya shigo. Ya ɗauki hoton kowane saƙo. Sannan ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta ya yi ta bugawa da yatsa biyu, da ya gama ya karanta masa da Hausa.

“Zuwa ga shugaban sashen ƙorafi. Ni Armaya'u Sule, mai asusu mai lamba kaza, na ci tikiti mai lamba kaza ranar tara ga wata. Kun nemi shaidar ko ni wane ne, na bayar. Ranar goma sha ɗaya ku da kanku kuka rubuto cewa kun tantance ni, ga hoton saƙonku. Ranar na nemi cire naira dubu ɗari shida da arba'in zuwa asusun banki mai sunana. Yau kwana ashirin da ɗaya ba ku biya ba, ba ku faɗi dalili ba. Ina neman ɗayan biyu cikin kwana bakwai, ko ku biya, ko ku rubuto mani dokar da kuka dogara da ita. In ba haka ba zan kai maganar gaban hukumar da ta ba ku lasisi.”

“Malam, ba a ɗan sa roƙo ba? Ko a ce ina da marayu?”

“Wanda za ya karanta ta bai san maraya ba, lamba ya sani. Roƙo a wajensu alamar mara gaskiya ce.”

Suka tura ta adireshin imel ɗin da Armaya'u ya yi rajista da shi. Ya biya dubu ɗaya da ɗari biyar, ya kama hanya tun kafin la'asar, don direbobi ba sa yarda yamma ta same su a wannan titin.

Kwana shida amsa ta zo, doguwa, da Turancin da ya fi ƙarfinsa. Shi Turancinsa bai wuce sunayen ƙungiyoyin ƙwallo ba. Ya bar rumfa a rufe, ya sake hawa mota.

Malam Daudu ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya murza ido.

“Wane ne Tayyib Sule?”

Sunan da Armaya'u ya yi tafiyar nan duka don kada a ambata, ga shi ya fito daga ofishin kamfanin a Legas.

Ga yadda abin yake. Wayar da ke hannunsa ta Tayyib ce. Da Tayyib ya rasu bara da damina, aka zo rabon gado aka yi wa wayar kuɗi, Armaya'u ya biya ya karɓa don kada ta fita gida, saboda akwai muryar wansa a ciki yana karatu. Ya sa layinsa, bai goge komai ba. Sai bayan sati biyu ya ci karo da wata manhaja mai hoton ƙwallo, ɓoye cikin wani lungu na wayar. Ya buɗe, ya tarar da asusun wansa bai ma fita ba. Naira ɗari, ɗari biyu, ɗari, shekara biyu cur, kusan duk asara, saura naira saba'in a ciki. Ladan guda, wanda in ya ga yara na buga karta sai ya canza hanya. Armaya'u ya yi kwana uku ba ya iya haɗiye abinci, ya ji haushi, ya ji kunya, ya ji tausayi. Ya fitar da asusun wansa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya goge manhajar, amma ɗan Adam sai a bar shi. Bayan wata guda ya buɗe nasa asusun a cikinta, har da karɓar ɗan garaɓasar da suke ba sabon shiga.

Ya faɗa wa dattijon duk wannan kansa a ƙasa.

“To ga abin da suka ce,” in ji Malam Daudu. “Dokarsu mutum ɗaya asusu ɗaya, waya ɗaya asusu ɗaya, don kada mutum shi riƙa aron katin dangi yana kwasar garaɓasa. Sun ga asusu biyu a waya ɗaya. Sunan uba ɗaya. Adireshi ɗaya, bayan masallaci, Batsari. Sannan ranar haihuwa ɗaya, ɗaya ga Janairu, shekara ma ɗaya. Tagwaye ne ku?”

“Shekara biyar ya ba ni.”

“To ya aka yi?”

Armaya'u ya tuna, har ya kusa yin dariya don takaici. Rana ɗaya suka je yin katin ɗan ƙasa, lokacin da aka ce za a rufe layin duk wanda bai yi ba. Mai rajistar ya tambaye su ranar haihuwa. Tayyib ya ce shi dai an ce masa da kaka aka haife shi, Armaya'u ya ce shi shekarar da rijiyar bakin kasuwa ta rufta. Mutumin ga layi har titi, ya ɗaga kai ya dube su, ya rubuta musu abu ɗaya. Rabin mutanen da ke layin nan ranar ɗaya ga Janairu aka haife su, babu wanda ya damu.

“Amma Malam, sun ga fuskata. Su suka ce sun tantance.”

“Kai suka tantance. Shi bai taɓa cin abin da za a nemi hotonshi ba, don haka ba su da fuskarshi. A wajensu kai ne ka ari katin wani.”

Dattijon ya kira lambar kamfanin ya sa a bayyane. Suka saurari kiɗa na minti goma sha ɗaya a kan katin wayar Armaya'u, kafin wata mata ta ɗauka. Da aka ce mata mai ɗayan asusun ya rasu, ta ce Allah ya ba da haƙuri da irin muryar da ake karanta farashi, sannan ta lissafo abin da za a kawo cikin kwana goma sha huɗu: hoton katin mamacin, takardar shaidar rasuwarsa, da takardar rantsuwa daga kotu cewa su mutum biyu ne. In wa'adin ya wuce za a soke cin, a rufe asusun, a mayar masa da abin da ya zuba.

“Rantsuwar mai sauƙi ce, nan za a yi ta,” in ji Malam Daudu. “A asibiti ya cika?”

“A ɗaki. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.”

“Ka ga ba takarda ke nan. Sai mai unguwarku ya rubuta ya buga hatimi, sannan ofis su ba ka. Katin kuma yana hannun wa?”

Katin yana hannun Saude. Dattijon ya buga masa amsar kamfanin a takarda, ya ninke ta huɗu ya ba shi.

Kwana huɗu Armaya'u yana zagaye gidan wansa bai shiga ba. A na biyar ya yi sallama da hantsi, ya same ta a tsakar gida ta durƙusa tana matsar tunkuza, mai na bin hannunta har gwiwa. Da can akwai wasa tsakaninsu irin na ƙanen miji, tana ce masa sarkin ƙashi, yana ce mata mai gishiri da yawa. Tun rasuwar wasan ya mutu, babu wanda ya tashe shi.

“Yaya Saude, katin ɗan ƙasan Ladan nike so in ara.”

“Na mi?”

Ya soma da maganar layin waya, ya koma ta banki, ya rasa inda zai ajiye ƙarshen zancen. Ta bar matsar ta dube shi.

“Abin nan na ƙwallo ne ko?”

Ya ɗago da sauri ya dube ta.

“Armaya'u, ni fa ɗaki ɗaya muka kwana da shi. Ka zaci mace ba ta san lokacin da cefane ya ragu da ɗari biyu ba? Bayan mun baro gonarmu ta Runka ne ya fara. Ranar da ya yi asara shi ka riga kowa tashi, shi tafi masallaci shi ja kiran sallar nan kamar ranshi za ya fita. Mutane su ce kai, yau muryar Ladan ta ratsa jiki. Ni ina kwance na san ɗari biyu ce ta tafi.”

Ta faɗe shi ba kuka ba ɗaci, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Shi ne ma idonsa ya kawo ruwa. Ya faɗa mata gaskiya duka, har maganar injin. Ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki, ta fito da katin cikin ledar da ta yi laushi don ajiya.

“Halal ko haram wannan tsakaninka da Allah ne, ni ban tambaye ka ba. Kafaɗata ta ƙare. Kai masu.”

Mai unguwa yana zama a dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar, da dattawa uku huɗu. Armaya'u ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi kasuwa da marayu. Sannan ya ce takarda yake nema ta shaidar rasuwar wansa.

Dattawan suka dubi juna. A nan ba a neman takardar mutuwa sai in mamaci ya bar fansho ko kuɗi a banki, Ladan kuwa bai taɓa aikin gwamnati ba.

“Halan Ladan ya bar wani abu ne da ba a sa cikin gado ba?” in ji mai unguwa a hankali.

“A'a ranka shi daɗe. Wasu ne suka nema.”

“Su wa? Ka san ni tun da zamani ya lalace ban buga hatimi kan abin da ban gani ba. Kawo takardar waɗanda suka nema in sa a karanta mani, in kira liman shi shaida, yanzu in rubuta maka. Ladan ai namu ne.”

Wani tsoho da ke gefe ya gyara zama ya ce, “Allah shi ji ƙan Tayyib. Ni tun da ya tafi asuba ba ta tada ni. Wanga na yanzu kira kawai yake, wancan kuwa kuka yake yi wa Ubangiji.” Sauran suka amsa da amin.

Takardar tana aljihun gaban rigar Armaya'u, da tambarin kamfanin a samanta, ƙwallo koriya wadda ko makaho ya shafa zai gane. Ya kai hannu ya taɓa ta. Abin da ya rage kaɗan ne, ya zaro, a karanta, liman ya zo, gobe ya tafi ofis. Jibi kuma duk mai shayi a Batsari ya san abin da ke sa muryar Ladan daɗi, 'ya'yansa huɗu su tashi da wannan a bayan sunansu. Ya janye hannunsa daga aljihun.

“Na baro ta gida, ranka shi daɗe. Bari in ɗauko.”

Bai koma ba. Kafin sati ya zagayo magana ta fara yawo cewa Ladan ya bar kuɗi a banki, ƙanensa na neman cinyewa shi kaɗai. Wasu gidajen suka daina aiko sayen nama wurinsa. Ya ji, bai kare kansa ba, don abin da zai wanke shi shi ne abin da ya ƙi fitarwa.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika ya koma Safana. Malam Daudu ya ce masa gaskiya, wasiƙa ba takardu zubar da kuɗin mota ce. Za a iya tura kwafi ga hukumar da ke Legas, amma su ma abin da za su fara tambaya ke nan, kuma dokar waya ɗaya tana cikin sharuɗɗan da ya danna ya amince bai karanta ba.

“Rubuta dai, Malam. Amma wannan karon ni zan faɗa.”

Dattijon ya gyara tabarau.

“Ka ce masu ni ne dai wanda suka ga fuskarshi suka ce sun yarda. Ka ce da ina asara wata tara ba su taɓa cewa mu biyu ne ko mu ɗaya ba, karɓa kawai suke. Ka ce ɗayan mutumin ya rasu, mu muka wanke shi muka rufe, kuma ba ni tada shi don su gan shi. In za su biya su biya. Shi ke nan.”

Malam Daudu ya buga kamar yadda aka faɗa, ya ƙara lambobin asusu da tikiti a sama, ya tura. Da Armaya'u ya miƙa kuɗin rubutu sai ya ture hannunsa, ya ce ya riƙe na mota.

Ranar da wa'adi ya cika, wajen azahar, yana cikin sara ƙashi wayar ta yi ƙara. Saƙon banki ne, naira ɗari biyar ta shigo. Ya buɗe manhajar, ta ƙi karɓar lambarsa. Ya goge wuƙa, ya rufe naman da ya rage, ya nufi gidan wansa da katin a hannu.

Saude na bakin murhu tana suyar ƙuli. Ya ajiye ledar a kan turmi ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta daɗe tana juya abin da ke cikin kasko.

“Ni na ba ka da hannuna,” ta ce. “Ni ce matarshi, ni na ce ka kai.”

“Na kasa, Yaya.”

“Shi ya ɓoye ya bar ni da matsar gyaɗa. Kai ma ka ɓoye ka bar ni da ita. Yanzu gari na zaginka, shi ana sa mashi albarka, ni kafaɗar dai ita ce.”

Ta tsame ƙulin, ta ɗauki katin da yatsa biyu don kada mai ya taɓa shi. Ta dubi hoton mijinta, ta ɗago ta dubi ƙanensa da ke tsaye riƙe da hula.

“Mutanen nan na Legas ba su yi ƙarya ba,” ta ce. “Ku mutum ɗaya ne.”

Ta shige ɗaki da katin. Armaya'u ya durƙusa ya janye itacen da ke ƙarƙashin kaskon don kada man ya ƙone.